Bindigar farauta a gida mai yara: ina za a ajiye ta, ina za a ajiye harsashi?

Baban Walida (Daura):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma da gaske nake. Ina da bindigar farauta mai baki biyu, da lasisinta, shekara goma sha ɗaya tana hannuna. Zabi nake harbi da ita bayan kaka, wani lokaci zomo. Tun da na saye ta, a bisa sif ɗin ɗakina nake ajiye ta, a naɗe cikin tsohon bargo, harsasai kuma a jakar farauta rataye a ƙusa bayan ƙofa.

Ranar Juma'a na dawo daga masallaci, na tarar da kujera jingine da sif, bargon a ƙasa. Yarona mai shekara tara da ɗan maƙwabcinmu suna zaune bakin gado da bindigar a cinyarsu, har sun gano yadda ake karya ta. Jakar tana nan a rataye, amma zif ɗinta a buɗe. Na ƙirga harsasai, goma sha huɗu, kuma wallahi ban san ko goma sha huɗu ne da ma ko goma sha biyar ba. Wannan rashin sanin ne ya hana ni barci kwana biyu.

Ina so mai walda ya yi mini kabad na ƙarfe. Wane kauri ya kamata? A ina zan kafa shi? Ɗakin ginin bulo ne mai inci shida. Harsasan kuma in sa su ciki tare, ko yaya?

Maman Ummi:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya tsare, Ya kyauta gaba. Malam, kafin a zo maganar kabad, yau ɗin nan ina bindigar take? Kada a ce ana jiran mai walda mako biyu tana nan inda yaro ya riga ya sani.

Baban Walida (Daura):
Hajiya, na raba ta. Na cire katakon gaba da bakin, na kulle su a akwatin ƙarfe na lefe da kwaɗo, gindin kuma yana durowar da nake kullewa. Harsasan suna wata durowa a wani ɗakin, makullin yana aljihuna. Yaron na zaunar da shi, ya rantse bai ɗauki ko ɗaya ba, na kuma je na gaya wa uban ɗayan yaron ya duba.

Usta Mai Walda (Ƙofar Ƙaura):
Alhaji ka yi daidai da ka raba ta, mai baki biyu in an cire mata katakon gaba an raba baki da gindi ba ta tashi. Na yi irin wannan kabad sau da dama, bari in faɗa maka yadda nake yi da kuma inda mutane ke yin asara.

Kauri kada ya gaza milimita 2 a jiki, ƙofa kuma milimita 3 in da hali. Milimita 2 ɗin nan shi ne ma abin da ake bi a Birtaniya wajen kabad ɗin bindiga. Siririn ƙarfen da ake yin ƙofar shago mai araha da shi, wanda bai wuce milimita ɗaya ba, da sukundireba babba ana lanƙwasa bakinsa. Ka je da kanka a auna a gabanka kafin a yanka.

Tsawon irin bindigarka bai cika wuce santimita 120 ba, don haka kabad mai tsawon santimita 140, faɗi 30, zurfi 25 ya ishe ka, har da wurin wata in ka ƙara. To ga abin da nake so ka lura da shi. In ka lissafa ƙarfen da zai ci, nauyinsa kusan kilo 30 ne kawai. Bai kai buhun siminti ba. Saurayi ɗaya zai saɓa shi a kafaɗa ya fita, ya je ya fasa a inda ba mai jin ƙara. Saboda haka kabad ɗin da ba a ɗaure shi da gini ba, yara kawai ya hana, ɓarawo kuwa ka haɗa masa kaya wuri ɗaya ne.

Ƙofa ta shige cikin firam, kada ta hau kansa, don kada a samu inda za a cusa rodi. Hinji ya zama daga ciki, ko a yi wa ƙofar haƙora biyu ta gefen hinji masu shiga firam in an rufe, yadda ko an yanke hinjin ba za ta fito ba. Makulli biyu, sama da ƙasa. In kwaɗo za ka sa, a yi masa gida na ƙarfe da zai rufe wuyansa, domin kwaɗon da wuyansa ke waje minti ɗaya ne aikinsa.

Sani Ɗan Kasuwa:
Ni dai ina ganin an tsawaita. Ka sa a yi ɗan aljihu a sama cikin kabad ɗin, harsashi a can, bindiga a ƙasa, makulli ɗaya, shi ke nan. Ai an raba su.

Baba Ritaya (Katsina):
Sani ɗana, rabin maganarka daidai ne. Aljihun sama ba laifi ba ne, kabad da yawa na kamfani haka suke zuwa. Amma da ka ce makulli ɗaya, nan ka rushe ginin. Amfanin rabawa shi ne wanda ya samu ɗaya kada ya samu ɗayan. Yaron da ya tsinci makulli a aljihun rigar ubansa da ke rataye, in ya buɗe ya ga bindiga ba harsashi, ƙarfe da katako ya samu. In ya buɗe ya ga duka biyun, to Allah Ya kiyaye. Dole kowanne da makullinsa, kuma makullan kada su kwana a zobe ɗaya.

A gida irin na Alhaji da yaro ya riga ya ga komai, ni zan fi son harsasan su bar ɗakin gaba ɗaya. Ƙaramin akwatin ƙarfe, shi ma a ɗaure shi, a wani ɗakin.

Sannan Alhaji, abin da ya hana ka barci shi ne babban darasin. Ba ka san goma sha huɗu ne ko sha biyar ba saboda ba ka rubutawa. Kwalin harsashi guda 25 yake zuwa. Ka sa ƙaramin littafi cikin akwatin: ranar kaza na fita da goma, na harba huɗu, na dawo da shida, saura kaza. Kafin ka shigo gida ka zazzage aljihun riga, da jaka, da aljihun mashin. Na shekara talatin da wani abu a aikin ɗamara, harsashin da ke ɓata ba na cikin kwali ba ne, wanda aka manta a aljihu ne, mai wanki ya tsinta ya ajiye a taga.

Ta fuskar doka kuma, Dokar Bindigogi ta 1959 ta ɗora wa mai lasisi alhakin tsare bindigarsa a kowane lokaci. In ta ɓata, ko an sace, ko ta lalace gaba ɗaya, dole ya sanar da hukumar da ta ba shi lasisi cikin kwana 14 da sanin haka. Wanda bai kai shekara 17 ba kuma ba a ba shi lasisi. Ka rubuta lambar bindigar, ka ɗauki hoton lasisin, ka ajiye su a wajen kabad. Mutane da yawa cikin kabad ɗin suke sa takardun, in an tafi da shi an tafi da shaidarsu.

Baban Walida (Daura):
Na gode Baba, Allah Ya ƙara girma. Littafin nan yau zan fara. Usta, saura maganar bango. Wani ya ce mini in sayi notin nan mai buɗewa a cikin rami in ɗaure da shi.

Usta Mai Walda (Ƙofar Ƙaura):
A kankare ko dutse notin nan yana riƙewa sosai. A bulo mai rami kuwa yaudara ce. Bulonmu na inci shida, fatar da ke tsakanin waje da ramin ciki siririya ce, kuma ka san yadda ake yi wa siminti rowa a wajen bugawa. Kana ɗaure notin zai buɗe ya farfasa fatar, ka ji kamar ya kama, amma in aka sa rodi aka ja sau biyu zai fito da garin bulo a jikinsa. Alamar da za ka gane tun wajen huda: in injin ya ɗan shiga sai ka ji ya faɗa fanko, to rami ka samu.

Hanya biyu ce. Ta farko, in bangon na tsakanin ɗaki da ɗaki ne, a huda shi gaba ɗaya, a zura dogon noti mai kaurin milimita 10 ya fita ta baya, a sa faifan ƙarfe kamar tafin hannu a can, a yi masa walda da kan notin, a shafe da filasta. Ɗaurin yana cikin kabad, ba mai kwance shi sai ya buɗe ƙofa. Guda huɗu, biyu sama biyu ƙasa. Ta biyu, magini ya fasa bulon a wuraren huɗu, ya cika ramin da kankare, a bar shi ya sha ruwa aƙalla mako guda, sannan a huda. Ko wacce ka bi, ka ƙara biyu a ƙasa cikin daɓe, in daɓen kankare ne na gaske, ba shafen siminti a kan ƙasa ba.

Wurin kafawa kuma, kusurwa. Gefen da makulli yake ya manne da ɗayan bangon, yadda mai rodi ba zai samu filin bankarawa ba. Bayan kabad ya kwanta lif da bango, in akwai tayil na ƙasan bango da ya tura shi gaba, a cire wannan yankin. Kada ya zama ana hangensa daga ƙofa ko taga. Kuma don Allah kada a ɗauko shi da rana tsaka a bayan a-kori-kura unguwa na kallo. Ka ce wa mai aikin kabad ɗin takardu ne in ba ka yarda da bakinsa ba.

Lawal Mashi:
Usta mu kuma masu ginin ƙasa fa? Ɗakina jan birji ne da azara.

Usta Mai Walda (Ƙofar Ƙaura):
Bangon ƙasa ba ya riƙe noti, kada ka wahalar da kanka. A haƙa rami a kusurwar ɗaki, zurfin ƙafa ɗaya da rabi, a zuba kankare, a dasa notuna huɗu a ciki tun yana ɗanye, kabad ya zauna a kai a ɗaure ta ciki. A ɗaga shi kaɗan sama da daɓe saboda danshin damina.

Abba Yaro:
Salam, don Allah nawa ake sayar da irin wannan bindigar yanzu, kuma a ina zan samu?

Mai Kula da Zaure:
Abba, nan ba a cinikin bindiga ko harsashi, kuma ba a nuna inda ake samu. Maganar ajiya ake yi ga waɗanda suka mallaka ta hanyar doka. A ci gaba.

Baba Maharbi (ta wayar jikansa):
Ina gaishe ku. Jikana ke karanta mini yana rubutawa. Duk maganarku ta masu karyawa ce. Mu namu adaka ne, ta baki ake ɗura ta, kuma ita ce ta fi yawa a ƙauyukanmu. Ita ba a karya ta a leƙa. Mutum zai dawo daga daji bai samu nama ba, ya cire kaf, ɗan murfin da ke kunna albarushi, ya rataye ta da ɗurinta, ya ce ai ba kaf ba za ta tashi ba. Na ga wadda ta shekara a rataye, aka sauko da ita za a goge don hawan Sallah, aka sa kaf a gwada kunama, ta tashi ta huda rufin zaure. Allah Ya sa sama aka nufa. Albarushi in bai jiƙe ba ba ya mutuwa.

Ga yadda mahaifina ya koya mini. Ranar da ka tabbatar ba komai a cikinta, ka zura ƙarfen ɗuri har ya taɓa ƙasa, ka yi masa zane da wuƙa daidai bakin bindiga. Daga ranar, duk wanda zai taɓa ta ya fara cire kaf, ya kau da baki daga mutane, ya kau da fuskarsa da hannunsa daga saitin bakin, ya zura ƙarfen. In zanen ya sauka daidai baki, fanko ce. In ya tsaya sama da baki, akwai ɗuri. Wadda ke da ɗuri ba ta shiga gida. A sauke ta a daji, a inda ka ga abin da ke bayan wurin da ka saita.

Sani Ɗan Kasuwa:
Baba Allah Ya ja kwana, wannan ban taɓa ji ba. To shi albarushin sai a zuba a gwangwani a kulle a akwatin ƙarfen harsashi ko?

Baba Ritaya (Katsina):
A'a Sani, nan ne ake kuskure mai tsanani. Harsashin kwali daban, garin albarushi daban. Albarushi in ya kama wuta a fili, tashi yake fuu ya ƙone. In ka matse shi cikin ƙarfe mai kauri da murfi gam, zafin ba shi da hanyar fita, sai akwatin ya tarwatse ya zama shi ne abin da zai yi kisa. Shi ya sa ake ajiye shi a akwatin katako mai kwaɗo, cikin mazubin da ba ƙarfe ba, don ƙarfe in ya gogi ƙarfe yana iya ba da tartsatsi. Kaɗan ake ajiyewa, gwargwadon buƙata. Nesa da madafa, da fitila, da janareto da jarkar fetur, da inda ake turaren wuta. Kaf kuma a wani mazubin daban, kada su haɗu.

Su ma harsasan kwali ba sa son zafi da danshi. A watan Afrilu garin nan zafi na haura digiri 40 a inuwa, balle cikin but ɗin mota ko saman silin ƙarƙashin kwano. Ɗaki mai sanyi, a bisa katako, cikin kwalinsu na asali. Wanda gindinsa ya yi tsatsa, ko jikinsa ya kumbura ko ya tsage, kada a harba shi, kada kuma a jefa a bola, yara na tona bola kuma ana cinna mata wuta. A ware shi, a tambayi ofishin da ke kula da lasisi yadda za a miƙa shi.

Lawal Mashi:
Ni abin da nake yi saboda ƙurar hunturu, ina shafe ta da mai sosai in toshe bakin da tsumma. Ba ta taɓa tsatsa ba.

Baba Maharbi (ta wayar jikansa):
Lawal, tsumman nan ka daina. Ranar da ka manta shi a ciki ka harba, bakin zai kumbura ko ya tsage a hannunka. Kuma tsumma na riƙe danshi. Na san abin da kake gudu, ba ƙura kaɗai ba, zanzaro ma yana gina ɗakinsa na laka a bakin bindigar da aka rataye. Maganinsa shi ne rufaffen wuri, da kuma leƙawa. Mai karyawa ka karya ka ɗaga ta ga haske ka ga rami biyu fes kafin ka sa harsashi, kullum. Mai kuma kaɗan ake shafawa. In ya yi yawa ka jingine ta baki sama, gangarowa yake ya jiƙa katakon gindi har ya yi laushi.

Usta Mai Walda (Ƙofar Ƙaura):
Ƙari kan na Baba, a watan Agusta kabad ɗin ƙarfe yana gumi ta ciki. Kada Alhaji ya mayar da ita cikin bargon nan ko jakarta ya rufe. A tsaye, ba ta taɓa ƙarfe, a manna roba ko katako inda bakin zai jingina. 'Yan ƙunshin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, a tara a zuba a ƙasan kabad, a riƙa canzawa. A buɗe a duba duk mako biyu har ruwa ya ɗauke.

Kabiru Batsari:
Ku gafarce ni manya, amma zan faɗi abin da ke raina. Kuna magana kamar muna zaman lafiya. Mu da muka san abin da dare ke kawowa, a ce bindiga a kulle, harsashi a wani ɗaki, makulli a wani wuri? Kafin ka haɗa su ai an gama da kai. Wannan tsarin na mutanen birni ne.

Baba Ritaya (Katsina):
Kabiru, ba zan raina abin da kuka gani ba, Allah Ya kawo mana ƙarshensa. Amma ka auna wannan. Bindigar da ke ɗure a jingine bayan ƙofa, kowace rana ta Allah tana tare da yaranka, da na maƙwabta, da baƙin da suka kwana, da kai kanka ranar da ranka ya ɓaci. Kuma in an san gidan wane akwai bindiga a fili, ita kanta tana jawo masu nemanta. Tambayar Alhaji ta bindigar harbin zabi ce a cikin garin Daura, a gidan da yaro ya riga ya karya ta da hannunsa. A wannan gidan ba ni da wata amsa sai kullewa da rabawa.

Kabiru Batsari:
A gidansa na yarda, Baba. A nawa ban gamsu ba, gaskiya. Amma zancen ƙirga harsashi da na zanen ƙarfen ɗuri na ɗauka.

Maman Ummi:
Ni tambayata ta makulli ce, ba wanda ya taɓa ta sosai. Maigida ya yi tafiya, ko ya kwanta asibiti, ko ta Allah ta kasance. Wa ya san inda makullin yake? Mu mata mu ne a gida da yaran wuni guda. Lokacin da yayana ya rasu, sai da aka kwana uku ana neman makullin akwatinsa, ga gida cike da 'yan gaisuwa da yaransu, ba wanda ya san ko abin da ke ciki a ɗure yake.

Baba Ritaya (Katsina):
Hajiya, Allah Ya jiƙansa da rahama. Dokar ta yi maganar wannan: in mai lasisi ya rasu, wanda kayan mamacin ke hannunsa zai iya riƙe bindigar kwana 14 ne bayan rasuwar. Lasisi ba ya bin gado. Cikin kwanakin nan a je a sanar da 'yan sanda a bi abin da suka ce, kada a bari sai ranar rabon gado.

Makulli kuwa, ra'ayina mai lasisi kaɗai ya riƙe, a jikinsa, ba a ƙarƙashin filo ko bisa kabad ba, don nan yaro ke fara dubawa. Na ajiya a sa a ambulan a liƙe, a ba babban mutum ɗaya amintacce a wajen gidan. Uwargida ta san wa ke riƙe da shi, ba sai ta riƙe ba.

Maman Ummi:
Baba a nan kam ban bi ka ba. In ban isa a ba ni amanar makulli ba, ai ni ce na fi kowa sanin inda yaran ke sa hannu. Ko na akwatin harsashi ne a bar wa uwargida, shi ya riƙe na bindiga. Kowa da rabi.

Baba Ritaya (Katsina):
Ba rashin amana ba ne Hajiya, lasisin da sunansa yake, harsashin ma a kansa doka ta rataya shi. In aka samu matsala shi za a tambaya, kuma ba na so a jawo ki ciki. Amma a tambayi ofishin lasisi a ji ta bakinsu.

Baban Walida (Daura):
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na auna kusurwar bayan sif, bangon na tsakanina da ɗakin ajiya ne, don haka dogon noti mai fita ta baya zan yi. Magini zai zo Asabar ya duba daɓen. Akwatin harsashi zai tafi ɗakin ajiya da littafinsa. Maganar makullin ajiya zan zauna da Maman Walida da daren nan, don ita ma irin ra'ayin Hajiya gare ta.

Uban yaron maƙwabci ya aiko yanzu, ya ce ya zazzage jakar makarantar ɗansa da aljihunansa bai ga komai ba. Gobe da safe zan ɗage katifa in share ƙarƙashin gado da bayan sif.